Sunan Akwatin Gogo Safiyatu

A unguwar Dubeli ta Jimeta, idan ka bar babban titi ka shiga layin masu gyaran keke, akwai wani gida mai shuɗiyar ƙofa wanda ƙamshin suyar ƙuli-ƙuli ke fita daga cikinsa tun hantsi. Gidan Bappayo tela ne, amma ba wanda ke kiransa haka. Gidan Gogo ake cewa, kuma shi Bappayo bai taɓa yin ƙorafi ba.

Sunanta Safiyatu. A cikin garin Yola aka haife ta, a gidan malamai masu ɗinkin hula, aka kawo ta Jimeta amarya shekara guda bayan an gama yaƙin basasa. Ta tarar da ƙarshen zamanin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai da damina su ɗauki gyaɗa da auduga, lokacin da Dubeli rabinta gonaki ne, mutum yana iya tsayawa a ƙofar gidansa ya hango wanda ke zuwa masa tun daga nesa. Ta koyi matsar mai wajen uwar mijinta, ta haifi 'ya'ya bakwai, biyar suka rayu. Tarbiyyar Yola ba ta sake ta ba. Fiye da shekara hamsin ke nan tana zaune da Bappayo, bakinta bai taɓa furta sunansa ba, Malam take cewa. Ɗanta na fari ma ba ta kiran sunansa. Mace ce da ta san suna yana da nauyi, shi ya sa abin da ya same ta a kan suna ya ba ta kunya sosai, ko da yake yanzu da dariya take ba da labarin.

Shekara da shekaru ita ce uwar adashin layinsu. Adashi irin na da: kowace mace ta kawo zubinta, a haɗa a ba mutum ɗaya ta kwasa, mako mai zuwa wata ta kwasa, har a zagayo. Ba shi da suna, don ba ya bukata. Matan sun san juna tun suna amare, sun yi wa juna wankan jego. Adashin Gogo, shi ke nan.

Sai shekarar 2014 ta zo. Cikin watan Satumba mutanen Michika suka fara shigowa Yola, ƙarshen Oktoba na Mubi suka biyo baya, da yawansu a ƙafa. Wata rana da yamma wata mata ta tsaya a shuɗiyar ƙofar da yara uku da tsohuwa guda, ta roƙi ruwan sha. Ƙafafunta sun kumbura har igiyar silifas ta nutse a ciki. Sunanta Hadassah, 'yar Michika, Kirista ce, mijinta birkila ne, sun rabu a hanya ba ta san inda yake ba. Gogo ta ba su ruwa, ta dube su, ta sa aka kwashe buhunan gyaɗa daga ɗakin ajiya aka shimfiɗa tabarma. Gidaje da yawa a layin sun yi haka, ba Gogo kaɗai ba. Bayan kwanaki mijin ya bayyana, ya rame amma da ransa.

Da hanya ta buɗe mutane da yawa suka koma gida. Wasu suka zauna. Hadassah ta kama ɗakin haya a bayan layin, ta fara suyar ƙosai a bakin titi, wajen Gogo take sayen mai. Gogo tana kiranta Maman Apollos, da sunan babban ɗanta, ita kuma tana ce mata Gogo kamar kowa. Idan Gogo ta yi zazzaɓi Hadassah ce ke zuwa ta juya mata tunkuza a kasko. Gogo ba ta da 'ya mace a kusa, duk sun yi aure a nesa, sai ta ɗora wannan mata a wurin.

A shekara ta biyu wata jami'ar ƙungiyar agaji ta zo layin da wani sabon tsarin tanadi. Ba adashin kwasa ba ne. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku, akwatin kuma yana kwana a gidan ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Duk mako kowa ta sayi hannu, daga ɗaya zuwa biyar gwargwadon ƙarfinta, a buga mata alama a ɗan littafinta a gaban kowa. Akwai wata 'yar jaka daban ta taimakon rashin lafiya da rasuwa. Mai bukatar jari ta nemi rance a fili, ta biya cikin wata uku. Matan suka ce ba sa son kuɗin ruwa, sai aka shirya cewa da kaka za a sayi gyaɗa da wake da abin da ya taru a ajiye, a sayar da bazara, ribar ta shiga akwati. Ƙarshen shekara a fasa a raba, kowa gwargwadon hannuwanta.

Mata ashirin da biyar suka shiga, goma sha biyar daga tsohon adashi, goma daga waɗanda suka zo gudun hijira. Abin da ya fara ba su wuya shi ne ranar zama. Juma'a masallaci, Lahadi coci, Asabar biki ba ya ƙarewa a Jimeta. Talata matan coci suna da taronsu. Litinin da Alhamis wasu tsofaffi suna azumi, ba sa son hayaniya da la'asar. Aka yi ta ja, kowa ta faɗi nata uzurin, har aka tsaya a kan Laraba bayan la'asar a tsakar gidan Gogo.

Jami'ar ta ce saura suna. Sai da suna za a yi rajista a ofishin ƙungiyoyin gama kai, sai da takardar rajista banki zai buɗe musu asusu idan kuɗi ya fi ƙarfin akwati, kuma sunan ne za a sassaƙa a hatimi. Ta ce su yi shawara, za ta dawo.

Gogo ba ta yi shawara da kowa ba. Ba girman kai ba ne. A ganinta abu ne na uwar gida, kamar yadda ba a tambayar baƙo wace miya za a yi masa. Ta kwana tana tunanin waɗannan mata goma da abin da suka gani a hanya, ta ce bari ta sa sunan da zai nuna musu har abada cewa an karɓe su. Ta aika wa Ɗantani mai rubutun allo a bakin kasuwa, ta biya da kuɗinta. Ranar Laraba aka fito da akwati, an rubuta masa da farin fenti: Maraba da Baƙi. Ga hatimi sabo a cikin leda.

Matan layi suka ce madalla. Hadassah ta durƙusa ta ce, "Mun gode, Gogo. Allah ya saka." Sauran tara suka durƙusa su ma.

Tsarin ya ce a buɗe kowane zama da kirarin ƙungiya. Gogo ta ce, "Maraba!" a amsa, "Da baƙi!" Matan layi suna amsawa da ƙarfi suna murmushi suna duban su Hadassah. Su Hadassah suna duban tabarma.

Wata uku aka yi a haka, kuma a sama ba abin da ya lalace. Amma da aka zo raba makullai, aka miƙa wa Hadassah ɗaya, ta ce a'a, a ba masu gida. Da aka ce ana son mutum biyu masu ƙirga kuɗi a gaban jama'a, ba ɗaya cikin goman da ta miƙa hannu. Hannu ɗaya kowace ke saye, mafi ƙanƙanta, har da Hadassah wadda kowa ya san ƙosanta yana ƙarewa kafin rana ta yi zafi. Ba su neman rance. Idan Ummu Salma, malamar firamare da ke riƙe rubutu, ta karanta abin da ke akwati ta ce, "Akwai mai tambaya?" sai su ce ba komai. A kan ƙaramar tabarma ta bakin ƙofa suke zama, kusa da takalma. Gogo ta ɗauka kawaici ne, har tana yaba musu a ranta.

Munirat ce ta fara buɗe mata ido. Bayarbiya ce mai shagon kayan masarufi, an haife ta a Jimeta, ba ta iya ɓoye magana ba. Ta zo sayen mai ta zauna a kan turmi.

"Gogo, ni fa daga yanzu hannu biyu zan riƙa saye."

"Da biyar kike saye. Kasuwa ce?"

"Kasuwa lafiya lau. Maigidana ne ya ga littafin. Ya ce, wannan na taimakon 'yan gudun hijira ne ko? Ya ce in sadaka zan yi in yi sadaka in san na yi, amma kada in zuba jarin shago a akwatin sadaka. Abeg, Gogo, ni ma na duba sunan na ga gaskiyarsa. Ranar da wata ta ci rance ta kasa biya, wa zai iya bin baƙuwa bashi? Ke za ki iya?"

Gogo ta san ba za ta iya ba.

"Kuma ba ni kaɗai ba ce," in ji Munirat. "Su ma na ji ana cewa za su buɗe nasu akwatin a coci in shekara ta ƙare."

Wannan ce ta soki Gogo. Ta zauna a Jimeta ta ga lokutan da layi ɗaya ke rabuwa biyu, kowa ya koma sayen gishiri wajen nasa. Ba ta so a ce daga tsakar gidanta aka fara, kuma ba ta so ta rasa Hadassah.

Washegari da safe ta yafa mayafi ta tafi bakin titi. Hadassah tana tsame ƙosai da matsami, ta gan ta ta yi sauri ta goge benci.

"Gogo da kanki? Da kin aiko."

"Zauna, Maman Apollos. Ni ba ƙosai na zo saye ba, ko da yake ki zuba mini na bakin kaskon nan. An ce za ku bar ni."

Hadassah ta rage wuta. Ta daɗe tana juya ƙosan da bai bukaci juyi ba.

"Ba barin ki ba ne, Gogo. Wanda ya ba ka ɗaki ranar da ba ka da ko tabarma, ba ka barin shi."

"To me na yi?"

"Ba ki yi komai ba sai alheri. Shi ne ma abin." Hausarta ta mutanen dutse ce, ba ta damu da ya ko ta ba. "Gogo, baƙo yana tambayar mai gida nawa ne a cikin akwati? Baƙo yana riƙe makulli? In na ga Malama ya yi kuskure a rubutu, da wane baki zan faɗa? Sau ɗaya na gani, na yi shiru. Kuɗina yana ciki, amma ba ni da bakin magana a kai. To sai na sa kaɗan, wanda in ya ɓata ba zan yi kuka ba."

"Ni don ku ji daɗi na sa."

"Na sani. Amma shekara biyu ke nan ina biyan haya a Dubeli. Na binne uwar mijina a nan. Apollos ya fi ni Fulatanci yanzu. Duk Laraba sai an ce baƙi, mu amsa. Yaushe baƙuncin zai ƙare?"

Gogo ta ci ƙosanta a hankali. A Yola aka koya mata cewa baƙo ba ya tambaya, ba ya ƙorafi, yana karɓar abin da aka ba shi ya yi godiya, mai gida kuma ba ya bin sa komai. Ta san wannan tun tana yarinya. Ita ce da hannunta ta ɗauki wannan dokar ta rubuta a jikin akwatin da ba zai yi aiki ba sai kowa ta iya tambayar kowa.

Da ta koma gida ta gaya wa Bappayo, yana kan keken ɗinkinsa a zaure.

"Malam, na raɗa wa 'yar mutane suna ban tambayi iyayenta ba."

"Sai ki sake yanka rago," in ji shi, bai ɗaga kai ba.

Ranar Laraba aka fito da akwati, matan suka ga an shafe rubutun da shuɗin fentin da ya rage daga ƙofa. Gogo ba ta yi kirari ba. Ta sa aka ɗauke ƙaramar tabarma ta bakin ƙofa aka naɗe, don haka dole kowa ta matsa ta sami wuri a kan manyan.

"Sunan nan ni na sa ni kaɗai, ni kuma na cire," in ji ta. "Yau ku za ku sa. Amma ba za mu ɗaga hannu ba, don in an ɗaga hannu sha biyar sun fi goma, kun ga an koma inda aka fito. Duk sunan da mace ɗaya ta ce bai kwanta mata ba, ta faɗi dalili, mu ajiye shi."

Wata ta ce Alheri. Aka ce sunan yana da daɗi. Sai wata tsohuwa ta tuna musu da adashin Alheri na Jambutu, wanda uwar adashin ta tafi ganin gida da kuɗin mutane ba ta dawo ba. Har yau in ka ce Alheri a wajen masu gyaɗa sai an yi tsaki. Aka ajiye.

Wata daga cikin matan Michika ta ce Zumunta. Munirat ta yi dariya.

"Maman Apollos, Zumunta ba ita ce taku ta ranar Talata ba, mai anko da buga tulu? In na ce wa maigidana Alhaji na tafi Zumunta, sai ya ɗauka na canja layi. Wahala dey o."

Hadassah ma ta yi dariya, karo na farko a wannan tsakar gida ranar zama. Aka ajiye.

Wata 'yar Yola ta ce Narral, wato jituwa da Fulatanci. Matan Yola suka gyaɗa kai, don kalmar tana da daɗi a kunnensu. Gogo ta dubi Hadassah.

"Faɗi."

"Yana da kyau. Amma yaren masu gida ne. Ni sai an fassara mini."

Ummu Salma ta ce to a sa da yaren Michika, a girmama su. Hadassah ta girgiza kai da sauri.

"A'a, Malama. Wannan shi ne na farkon aka juya masa riga. Kowa ya ji zai ce akwatin 'yan gudun hijira ne."

Aka ce Matan Dubeli. Mata biyu suka ce su a Nassarawo suke, wata kuma ta ce mai haya ba ta da unguwa, gobe mai gida ya ƙara kuɗi sai ta tsinci kanta a Jambutu, shin sai ta fita ke nan? Aka ce to a koma adashin Gogo kawai, kowa ya yarda da Gogo. Nan Gogo ce ta ƙi.

"In sunana ne a jiki, akwatina ne. Wa zai tuhume ni a kan akwatina? Kuma ranar da na mutu fa, ku binne shi da ni?"

"Allah ya ja kwana, Gogo!"

"Amin. Amma a ajiye."

Ummu Salma ta kawo wasu na Turanci masu tsawo irin waɗanda ofis ke so. Tsofaffi suka gwada faɗa, harshe ya sarƙe, aka sha dariya aka ajiye. Magariba ta kusa ba a sami suna ba. Aka tashi akwati shuɗi fayau, amma Gogo ta lura matan sun fita ƙofa a cakuɗe suna ta gardama, har da masu zaman bakin takalma.

Laraba ta gaba, ana shimfiɗa tabarmi, wani ya yi sallama a zaure yana neman man gyaɗa kwalba biyu. Daga ciki aka ji muryar Bappayo.

"Ka dawo gobe. Yau 'yan Laraba sun ƙwace gidan, ni ma a waje nake."

Munirat ta tafa hannu. "Haka Alhaji ke cewa! In yara suka tambaye ni, ya ce ta tafi Larabarta."

"Baban Apollos ma," in ji Hadassah. "Yana cewa, yau Laraba, tuwo zai yi latti."

Aka bincika sai ga shi kusan kowane gida haka ake faɗa. Mai keken da ke kawo matan Nassarawo ma haka yake kiransu. Gogo ta juya abin a ranta. Cikin duk abin da ya shafi akwatin nan, tsarin jami'a ce ta kawo, gidan nata ne, sunan farko nata ne. Ranar zama kaɗai ce su ashirin da biyar suka ja suka saki har suka yanke tare, kowace da uzurinta a ciki.

"A Yola," in ji ta, "yarinyar da aka haifa ranar Laraba, ko an raɗa mata sunan littafi, Laraba ake kiranta. A wajenku fa?"

"Ƙanwar babana Laraba ne sunanta," in ji Hadassah. "Yana waƙa a coci."

Gogo ta ce, "Ni kuma kakata ta wajen uwa. To wannan ƙungiya tamu ma ranar Laraba aka haife ta."

Ummu Salma ba ta gamsu ba. Ta ce sunan ya yi ƙauye, za a yi musu dariya a ofis, ba ya cewa haɗin kai ko ci gaba ko wani abu mai ma'ana. Ta ƙara da cewa suna irin wannan ɗaure kai ne, ba su da damar sauya rana har abada.

"Wannan ɗaurin nake so," in ji Munirat. "Wanda ya ji sunan ya san ranar da zai same mu a zaune da akwati a buɗe. Mai niyyar gudu ba ya faɗa maka ranar da yake gida."

Gogo ta ce ba za a kai wa Ɗantani ba tukuna, ta koyi darasi. Kowace ta ɗauki sunan ta tafi da shi mako guda. Ta faɗe shi a gaban mijinta, ta faɗe shi a inda take ibada, ta faɗe shi a kasuwa wajen wanda take sayen kaya. Ta ce, ni 'yar Laraba ce. Idan bakinta ya yi nauyi a ɗaya daga cikin wuraren nan, ta dawo ta faɗa.

Suka dawo. Ba wadda bakinta ya yi nauyi. Matar fasto ta tambayi Hadassah ko akwai sauran wuri. Mai sayar wa Munirat sukari ya ce, "Waɗanda ke zama gidan Gogo? Na san su." Ummu Salma ta ce ta faɗa a ɗakin malamai, an yi dariya kamar yadda ta zata, amma da aka tashi har mai gadi ya riƙe sunan, ita kuwa ta manta na Turancin da ta kawo da kanta. Ta janye.

Gogo ta ce za ta biya sabon hatimi tunda ita ta ɓata na farko. Hadassah ta ce a'a, a gaban kowa, murya a sake.

"Kowa zai sa nasa, Gogo. In ke kika saya, kyauta ne, sai mu sake durƙusa."

Aka yi karo-karo daidai wa daida. A ofishin rajista ma'aikacin ya duba kundinsa don kada sunan ya yi karo da na wasu. Ya ce masu Alheri da Haɗin Kai da Nasara sun cika masa shafuka, har sai ya riƙa ƙara musu sunan unguwa don a bambanta, amma Laraba ba kowa. Ya rubuta Ƙungiyar Matan Laraba.

Suka yi mata suna sosai. Gogo ta raba goro da alewa, Hadassah ta kawo ƙosai cike da roba, wata tsohuwa ta yi fatiha, wata daga Michika ta yi addu'a irin tasu, kowa ta ce amin sau biyu. Bappayo ya leƙo ya tambayi ina ragon da aka yi masa alkawari, aka ba shi ƙosai biyar aka kore shi. Sabon kirarin gajere ne. Mai buɗe zama ta ce, "Yau wace rana?" a amsa, "Tamu!" Da aka sake zaɓen masu makulli, Hadassah ta karɓi ɗaya ta ɗaure a bakin zaninta. A zaman da ya biyo ta sayi hannu biyar, ta kuma nemi rancen sayen babban kasko. Munirat ta koma biyar ɗinta. Maganar akwatin coci ba a sake jin ta ba.

Amma Gogo takan ce ba ranar suna ta tabbata abin ya kama ba. Bayan wata biyu ne. Ta je gaisuwar rasuwa cikin Yola, keke ya lalace musu a hanya, ta iso gidanta an riga an buɗe akwati. Ta cire takalmi za ta zauna a wurinta, sai ta ji murya.

"Gogo, tsaya. Kin yi latti."

Hadassah ce, ta miƙo kwanon tara, wanda duk mai latti ke jefa abin da doka ta yanka.

"Maman Apollos, a gidana? A kan tabarmata?"

"Gidanki ne har la'asar. Daga la'asar na Laraba ne. Sa a kwano."

Munirat ta faɗi gefe don dariya. Gogo ta kwance bakin mayafinta ta jefa tarar, kwano ya yi ƙara, ta zauna. Ta ce a duk kuɗin da ta kashe a rayuwarta ba wanda ya yi mata daɗin fita kamar wannan.

Yau akwatin ya tsufa, shuɗin fentin ya goge a kusurwoyi, yawancin kuɗin ma a banki yake kwana. Wasu daga cikin matan farko sun rasu, 'ya'yansu sun gaji wurarensu. Uku daga cikin na Michika sun koma gida daga baya, suka aiko neman izini su buɗe nasu da sunan, aka ce su buɗe, da sharaɗin su zauna ranar Laraba. Gwiwoyin Gogo sun hana ta matsar mai da kanta, ta sauka daga shugabanci, Hadassah aka zaɓa. Tsohon hatimin yana zauren Bappayo, da shi yake danne yadi kada iska ta ɗaga. Zaman dai yana nan a tsakar gidan mai shuɗiyar ƙofa, kuma tun azahar Gogo ke sa a fitar mata da kujerarta, don ta ce shugabar yanzu ba ta da sassauci a kan latti.